Yadda Ake Gane Fileks da Soket Masu Sakata a Cikin Laftop: na Sikirin, na Kibod da na Tocfad

Wanda ya buɗe bayan laftop a karon farko zai ga wasu siraran wayoyi masu faɗi kamar zirin takarda, wasu farare, wasu ruwan zuma, wasu baƙaƙe, kowanne ya fito daga wani sashe ya shige cikin ƙaramin soket a jikin bod, wato babban allon da duk sassan laftop suke haɗuwa a kansa. Masu gyara suna kiransu fileks. Yawancin ɓarnar da ake yi musu ba ta tsufa ba ce, ta hannu ce, domin mutum yakan ja fileks alhali soket ɗin yana kulle, ko ya sa farce ya ɗaga abin da ba a yi shi don a ɗaga ba. Saboda haka aikin farko shi ne ganewa da ido, tun kafin yatsa ya taɓa komai: wane fileks ne wannan, ina ya nufa, kuma wace irin sakata ce ta riƙe shi.

Kafin a taɓa komai

Ka kashe laftop ɗin gaba ɗaya, ka zare caja, ka cire murfin ƙasa, sannan ka fara da raba batir da bod. Soket ɗin batir ba fileks ba ne, wayoyi ne zagayayyu masu launi da suka haɗu a kai ɗaya, kuma a yawancin laftop ana zare shi ne a kwance, ba a ɗaga shi sama ba. Bayan an zare shi, ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 15 domin ragowar wutar da ke cikin bod ta tsiyaye. Kashe laftop kaɗai bai isa ba, domin muddin batir yana haɗe akwai layukan da ke ɗauke da wuta ko da sikirin ya yi baƙi. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa, jiki yakan tara irin wutar nan da ke tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, don haka ka taɓa wani ƙarfe babba kafin ka kai hannu cikin na'urar, kuma kada ka yi aikin a kan bargo ko darduma.

Kayan aikin ba su da yawa: tocila, gilashin ƙara girma ko kyamarar waya, rula mai milimita, matsefata mai lallausan baki, da wani siririn abu na roba ko tsinken sakace. Bakin sukundireba da allura ba su da wuri a nan. Sai kuma hoto. Ka ɗauki hoton bod ɗin gaba ɗaya, sannan ka ɗauki na kowane soket daga kusa, yadda za a ga wane gefe na fileks ne ke sama da kuma iyakar zurfin da ya shiga.

Mataki na farko: bin sawu da karanta rubutun bod

Hanya mafi sauƙi ita ce bin fileks da ido zuwa inda ya fito. Na tocfad yana fitowa daga gaban laftop, ƙarƙashin inda ake shafawa da yatsa, sau da yawa yana bi ta ƙarƙashin batir ko ta gefensa. Na kibod yana leƙowa ta wata tsaga a tsakiyar jikin laftop. Na sikirin kuma yana gangarowa daga wajen hinji, wato mahaɗar da sikirin ke juyawa a kanta wajen buɗewa da rufewa, hagu ko dama.

Idan hanya ta ɓuya a ƙarƙashin fanka ko batir, sai a koma ga ƙananan fararen haruffan da aka buga a jikin bod kusa da kowane soket. Inda aka rubuta KB, KB1 ko JKB1, na kibod ne. TP, TP1 ko JTP1 na tocfad ne. EDP, JEDP1, LVDS ko LCD na sikirin ne. BL ko KBL a gefen wani ɗan mitsitsin soket yana nufin fitilar da ke haska kibod daga ƙasa. Wasu kamfanonin ba sa rubuta komai sai CN da lamba, to a nan bin sawu da ƙirga haƙora, wato ƙananan layuka masu ƙyalli da ke bakin fileks, ne kawai mafita. Shi ma fileks ɗin yakan zo da rubutu a bakinsa: MB yana nufin wannan bakin ne ke shiga bod, ɗaya bakin kuma a rubuta TP ko sunan sashen da yake zuwa. Akwai kuma ɗan alwatika ko lamba 1 a gefen soket, wanda ke nuna haƙori na farko.

Mataki na biyu: bambanta su da kamanni

Na kibod shi ne mafi faɗi cikin waɗanda suke shimfiɗaɗɗu, kuma galibi haƙoransa sun kai 24 zuwa 30 da ɗoriya. Idan ka duba shi da kyau za ka ga ba waya ba ce da aka jona, ci gaban ledar da ke cikin kibod ɗin ce kanta, an buga layuka masu launin azurfa ko baƙi a jikinta. Wannan yana da ma'ana biyu ga mai gyara. Na farko, ba a sayar da shi daban, idan ya yage sai a canja kibod gaba ɗaya. Na biyu, layukan fenti ne mai ɗaukar wuta, ba ƙarfe ba, don haka gogewa da ƙarfi ko yawan sakawa da cirewa yana kankare su. Dalilin yawan haƙoran kuwa shi ne, maɓallan an jera su ne a layukan tsaye da na kwance kamar saƙar tabarma, kowane maɓalli yana zaune a mahaɗar layi biyu. Shi ya sa idan haƙori ɗaya bai taɓa ba, ba maɓalli ɗaya ke mutuwa ba, rukuni guda ne ke mutuwa tare, kuma ba lallai ne su kasance maƙwabtan juna a saman kibod ba. A kusa da shi, idan kibod ɗin mai haske ne, za a ga wani siriri ƙwarai, yawanci mai haƙora 4, wanda shi ne na fitila. Shi ne aka fi mantawa da shi, a ɗaga kibod a tsinke shi.

Na tocfad siriri ne, fari, yawanci mai haƙora 6 ko 8, kuma bakinsa biyu duk suna shiga soket, ɗaya a bod, ɗaya a bayan tocfad. Wannan nau'in shi ne ake rubuta wa FFC a wurin masu sayarwa: siraran tagulla ne a jere, an manne su tsakanin leda biyu, an ƙara wata shuɗiyar leda mai tauri a kowane baki domin ya shiga soket ba tare da lanƙwasa ba. Ɗan'uwansa mai launin ruwan zuma ko baƙi, wanda yakan zo da siffa mai kwana-kwana, shi ne FPC, kuma shi an ƙera shi ne don samfurin laftop guda, ba a samun madadinsa a cikin na gama-gari. Tunda siraran farare suna da yawa a cikin laftop, na maɓallin kunnawa, na ƙaramin bod ɗin USB, na mai karanta zanen yatsa, kada a yanke hukunci da launi kaɗai.

Na sikirin daban yake da sauran, kuma a gaskiya a yawancin laftop ba shimfiɗaɗɗe ba ne sai a wajen bakinsa. Tarin siraran wayoyi ne kamar gashi, an naɗe su da baƙin ƙyalle ko mai launin azurfa suka zama igiya ɗaya domin su iya ratsa hinji su jure buɗewa da rufewa. A ƙarshensa akwai kai na ƙarfe mai faɗi. Sau da yawa wani reshe yakan rabu daga jikinsa ya haura zuwa kyamara da makirfon. Akwai kuma wasu siraran wayoyi biyu zagayayyu, baƙi da fari ko toka, da su ma suke bi ta hinji. Waɗannan na eriyar wayales ne, ba su da alaƙa da hoto.

Mataki na uku: karanta sakata

Nan ne ya kamata a daɗe. Yawancin soket ɗin kibod da tocfad irin wanda ake kira ZIF ne, wato wanda fileks ke shiga cikinsa ba tare da an tura da ƙarfi ba, sakata ce ke matse shi bayan ya shiga. Soket ɗin yana da sassa biyu masu launi daban: jiki wanda aka liƙa a bod, yawanci fari ko ruwan madara, da sakata, yawanci baƙa ko ruwan ƙasa. Akwai masu akasin wannan launi, don haka abin dubawa na gaske shi ne wane sashe ne ƙafafunsa na ƙarfe suke manne da bod. Wannan shi ne jiki, kuma ba ya motsi.

Iri na farko ita ce sakata mai ɗagawa da ke gaba. Tana kwance a kan fileks ɗin, a gefen da ya shigo, kamar murfin akwati. Ana sa farce ko roba a ƙarƙashin bakinta ta wajen fileks, a tsakiya, a ɗaga ta ta miƙe tsaye. Iri na biyu ita ce mai ɗagawa da ke baya. Ita tana can ɗaya gefen soket, nesa da inda fileks ya shigo, kuma ana ɗaga ta ne daga can bakin na nesa, ta taso ta nufo wajen fileks. Waɗannan biyun su ne ke ruɗa mutane, domin wanda ya saba da ta gaba, idan ya haɗu da ta baya, sai ya cusa farce a ƙarƙashin jikin soket ta wajen fileks, ya ɓamɓare shi daga bod ko ya karya rufinsa. Da tocila da gilashi ka nemi gefen da sakatar take juyawa a kai, za ka ga 'yan ƙusoshin roba a gefe biyu ko jerin ƙananan ƙarafa da suka riƙe ta. Ɗaya gefen, wanda yake sake, shi ake ɗagawa.

Iri na uku ita ce mai zamewa. Ba ta ɗaguwa sam. Tana da kunnuwa biyu, hagu da dama, kuma ana jawo su tare zuwa wajen fileks kamar milimita 1 ko 2, kamar yadda ake jawo aljihun tebur. Idan aka ja kunne ɗaya aka bar ɗaya sai ta karkace ta karye, idan kuma aka ci gaba da ja bayan ta tsaya sai ta fice gaba ɗaya. An fi ganin wannan a tsofaffin laftop.

Akwai kuma soket da ba shi da sakata ko kaɗan, launinsa ɗaya, sashe ɗaya, matsi ne kawai ke riƙe fileks. Shi ana kama shuɗin bakin ne a zare a miƙe. Amma kada ka ɗauka soket ba shi da sakata sai ka duba gaba da baya ka tabbatar.

A duk nau'ikan masu sakata, ƙa'idar ɗaya ce: idan an buɗe daidai, fileks zai fito kusan da kansa. In ka ji yana turjewa, ko dai sakatar ba ta buɗe ba, ko an manne fileks ɗin da gam a jikin laftop, ko kuma yana da 'yan kunnuwa a gefen bakinsa da suka zauna cikin gurbi. Mai kunnuwa sai an ɗan ɗaga bakinsa sama kafin a zare, kuma wajen mayarwa ana ɗora shi ne daga sama har kunnuwan su faɗa gurbinsu.

Wajen mayarwa, ka tabbatar sakata a buɗe take, ka shigar da fileks a miƙe har ya tsaya, ka riƙe shi da yatsa ɗaya, ka kwantar da sakatar da ɗayan. Yawancin fileks suna da layi fari ko baƙi a gicciye kusa da baki, kuma layin nan ya kamata ya yi daidai da bakin soket, ba gefe ɗaya ya shige ɗaya ya rage ba. A mafi yawan soket haƙora masu ƙyalli suna kallon ƙasa, shuɗin yana sama, amma akwai masu kallon sama, kuma hoton da ka ɗauka tun farko shi ne zai raba gardama.

Soket ɗin sikirin

A wajen bod, kan wayar sikirin yakan zo ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Wani yana zamewa a kwance, da wani siririn ƙarfe kamar marikin bokiti da ake juyowa a kan soket ya kulle shi. Ana ɗaga ƙarfen, sannan a zare kan a miƙe. Wani kuma ana danna shi ne daga sama, yana da 'yar leda baƙa da ake kamawa a ɗaga shi tsaye. Wasu laftop suna ƙara farantin ƙarfe mai sukuru a samansa. A bayan sikirin kuwa, kan yana kwance a jikin allon, an rufe shi da salatif mai haske. Ana ɓare salatif ɗin a hankali har ya wuce kan, sannan a zare kan a kwance, ba tare da an ɗaga shi ba.

Dalilin da ya sa na nace kan cire batir yana nan. A cikin wannan waya akwai haƙoran da ke kai wutar fitilar sikirin, wadda take fitowa daga babban layin wutar bod, a laftop da yawa kusan bolt 19 idan caja na haɗe, ko ƙarfin batir idan babu caja, kuma a kusa da su akwai layukan da ba sa ɗaukar fiye da bolt 3.3. Idan kan ya shiga a karkace da wuta a jiki, haƙori ya taɓa maƙwabcinsa, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne ƙonewar fis ɗin fitila, mafi muni kuma wutar ta bi layin hoto ta isa ga firosesa.

Wajen ganewa, ana ƙirga haƙora, 30 ko 40. LVDS da eDP tsari biyu ne na aika hoto daga bod zuwa sikirin: tsofaffin sikirin masu tsarin LVDS yawanci 40 ne, sababbi masu tsarin eDP kuma 30 ne a yawancin masu matsakaicin kyawun hoto, 40 a masu hoto mai kaifi sosai, masu saurin sabunta hoto, ko waɗanda ake taɓawa da yatsa. Matsalar ita ce 40 na LVDS da 40 na eDP suna iya shiga soket ɗin juna, alhali aikin haƙoransu ba ɗaya ba ne, don haka shiga ba hujja ba ce. Hujja ita ce lambar samfurin da ke kan takardar bayan sikirin, a karanta ta har ƙarshe. Misali, LP156WH3 (TL)(S1) mai haƙora 40 ne na LVDS, shi kuwa LP156WH3 (TP)(S2) mai 30 ne na eDP, ga shi farkon lambar ɗaya ce, girman ma inci 15.6 ne duka.

Wani aiki da ya zo hannuna

An kawo mini laftop bayan an canja mata batir a wani wuri, tocfad ya daina aiki. Na fara da abin da ba ya buƙatar buɗewa: na gwada maɓallin Fn da ke kashe tocfad, na duba Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ta gani, na tarar tocfad ɗin ba ya cikin jerin kwata-kwata, alhali maus na USB yana aiki lafiya. Da na buɗe na ɗaga batir, sai na ga farin fileks da ya bi ta ƙarƙashinsa zuwa soket mai rubutun JTP1, sukuru ya huda shi a gefe ya yanke layi biyu.

Mai ita ya riga ya sayo wani, yana mai cewa lambarsu ɗaya, domin a jikin duka biyun an rubuta AWM 20624 80C 60V VW-1. Wannan rubutu ba lambar kaya ba ce, bayani ne na irin ledar da zafi da ƙarfin wutar da take jurewa, kuma ana samunsa a kan fileks masu girma iri-iri. Abubuwa huɗu ne ake aunawa. Na ƙirga haƙora da kyamarar waya, 8 ne. Na auna faɗin baki, milimita 4.5. Tazarar haƙora ana samunta ne idan aka raba faɗin da adadin haƙora da ƙarin ɗaya, wato 4.5 a raba da 9, ya ba da milimita 0.5, da mai tazarar milimita 1 ne, da faɗinsa ya zama 9. Tsawo kuma ya yi daidai. A na huɗun, wato fuskar da haƙoran kowane baki suke kallo, a nan ne aka sami saɓani. Tsohon yana da lanƙwasa ɗaya da ta juya shi kwana, kuma irin wannan lanƙwasa tana kifar da fuskar fileks, don haka sai da na warware shi na shimfiɗa a tebur kafin na duba. A shimfiɗe, haƙoran baki ɗaya suna sama, na ɗayan suna ƙasa. Sabon kuwa duka biyun a fuska ɗaya suke.

Da an saka shi haka, baki ɗaya zai juya wa ƙarafan soket baya, ba abin da zai yi aiki. Da kuma an murɗa shi don haƙoran su kalli inda ake so, jerin zai juye, haƙori na 1 ya koma gurbin na 8, wuta ta shiga layin da ba nata ba. Muka nemo mai fuska saɓani, na lanƙwasa shi sau ɗaya a daidai inda tsohon yake, na kauce wa ramin sukurun, tocfad ya dawo.

Yadda alamu ke nuna wanda ya sami matsala

Bayan an haɗa, kafin a ɗaure sukuru duka, a mayar da batir a gwada. Idan rukunin maɓallai ya mutu ko wani harafi yana fitowa a madadin wani, fileks ɗin kibod ya karkace ko bai kai ƙarshe ba. Idan laftop ta ƙi kunnuwa gaba ɗaya, ka duba ko maɓallin kunnawa a cikin kibod yake, domin a irin waɗannan ta wannan fileks ɗin umarnin kunnawa ke bi. Idan sikirin ya yi baƙi amma talabijin da aka jona ta HDMI yana nuna hoto, ka haska tocila a jikin sikirin daga kusa: ganin hoto dishi-dishi yana nufin fitila ce ba ta samun wuta, ko dai kan bai zauna ba ko fis ya tafi. Hoton da ke ƙyaftawa ko canja launi sa'ad da ake motsa murfi kuwa yana nuna wayar ta fara tsinkewa a cikin hinji.

Idan ƙura ko datti ne a kan haƙora, ana goge farin fileks da auduga mai ɗan sifirit, a bar shi ya bushe, amma na kibod a taɓa shi sama-sama saboda fentin layukansa. Sakatar da ta fice ba tare da ta karye ba takan koma idan aka daidaita 'yan ƙusoshinta da gurbinsu tana tsaye, a danna a hankali. Wadda ta karye kuwa, ana iya yanko 'yar leda mai tauri daidai faɗin fileks, a zura ta a bayansa, ta gefen da babu haƙora, domin ta matse shi a kan ƙarafan, sannan a ɗora salatif mai jure zafi. Wannan dabara takan riƙe tocfad ko kibod na tsawon lokaci, amma gyaran gaske shi ne a ciro sakata daga mataccen bod mai irin soket ɗin, ko a sa wanda ya iya aiki da iska mai zafi ya canja soket ɗin gaba ɗaya.